Nawa za ka yarda ka rasa a ciniki ɗaya? Dokar kashi 1 cikin 100

A ce kana da dala 200 a asusunka na cinikin kuɗaɗen waje. Kafin ka danna Buy ko Sell, tambayar farko ita ce: idan kasuwa ta juya maka baya, nawa za ka rasa? Dokar kaso tsayayye ta ce ka yanke wannan tun farko, misali kashi 1 cikin 100 na abin da ke asusun. A nan dala 2 ke nan. Lura, ba kuɗin da za ka shiga da shi ake nufi ba, asarar da za ka ɗauka ce idan farashi ya taɓa Stop Loss ɗinka.

Me ya sa kason ya yi ƙanƙanta haka? Saboda asara kan zo a jere. Idan ka faɗi sau goma a jere kana rasa kashi 1, za ka rage da kusan dala 181, ribar kashi 11 ta isa ta mayar da kai inda kake. Amma idan kashi 10 kake rasawa, dala 70 kawai za ta rage, sai ka kusan ninka ta sau uku kafin ka dawo 200. Ramin da ya yi zurfi, fita daga cikinsa aiki ne.

To, ga yadda lissafin yake. Fara zaɓar inda Stop Loss zai zauna bisa yadda farashi ke motsi, sannan ka fitar da girman cinikin. A EUR/USD, lot 0.01 na nufin kowane pip ɗaya senti 10 ne. Idan tazarar Stop Loss pip 20 ce, asararka dala 2 ce cif, lot 0.01 ya yi daidai.

Matsalar ƙaramin asusu tana fitowa ne idan cinikin na buƙatar tazarar pip 50. A wurin dillalai da yawa 0.01 ne mafi ƙanƙanta, kuma da shi asarar ta zama dala 5, wato kashi 2.5. A nan ne mutane ke matso da Stop Loss kusa don lissafi ya fito, sai ɗan motsin kasuwa na yau da kullum ya yi waje da su. Gara ka bar cinikin ya wuce.

Ka kuma sani, lokacin manyan labarai farashi na iya tsallake Stop Loss, asarar ta wuce dala 2. Sannan dokar ba ta haifar da riba. Idan dabararka ba ta ci, rage saurin ƙarewar kuɗin kawai za ta yi. Don haka duba tarihin cinikinka: duk asarar da ta ninka kasonka sau biyu ko uku, nemo dalilinta kafin ka sake shiga.