Albashin da ba ya fitowa a takardar lissafi

Idan gidan abinci mai ma'aikata 8 zai ƙara teburi ya buɗe da dare, mai shi yakan ce mutum 4 sun isa. Da wuya su isa. Wanda ke aiki kwana 6 a mako ba ya cike gurbin kwana 7, don haka kowane gurbi 6 na buƙatar mutum 7.

A ce kowa na karɓar Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta ƙayyade a 2024. Mutum 13 za su ci 910,000 a wata, kafin a sa abincin rana da kuɗin mota.

Ɓarnar da ba a gani tana zuwa ne lokacin da kuku ya tafi, musamman gab da Sallah. Sabon da aka ɗauko sai ya yi makonni yana bin wani a baya, ana biyan mutum biyu aikin mutum ɗaya. Miya ta canza ɗanɗano, shinkafa ta caɓe, masu zuwa kullum su fara ɗauke ƙafa. Shi ya sa gogaggun masu gidajen abinci ke ware albashin wata guda a kan kowane gurbin da suke tsammanin zai canza hannu, su kuma koya wa mai yanka albasa riƙe tukunya tun kuku yana nan.