Kukan Amarya a Littafin Mai Bincike

A ce wata ɗaliba ce aka tura ta binciken al'adun aure a wata unguwa ta cikin birnin Kano. Ta halarci kai amarya, ta dawo gida da ɗan littafinta na aljihu, ga abin da ke ciki: "8:40 an kai ta wajen baba. Nasiha. Kuka. Gwaggo ta ja mayafi. Ƙawaye dariya. Wata ta ce a ƙara. Mota 9:15, shiru. Ƙofar gida kuka kuma. Ƙafar dama." Iyakarsa ke nan, kuma ba laifi ba ne, don ba wanda zai tsaya a tsakiyar guɗa da turereniya yana tsara jimla. Wahalar tana zuwa ne daga baya, lokacin da za a mayar da waɗannan guntayen kalmomi rubutun da wanda bai taɓa ganin bikin Bahaushe ba zai karanta ya gane abin da ya faru, ya kuma gane me ya sa.

Masana nazarin al'adu suna kiran irin rubutun da ake nema a nan bayani mai kauri. Wanda ya yaɗa kalmar shi ne Ba'amurken nan Clifford Geertz, a babin farko na littafin da ya fitar a 1973, amma aro ya yi daga Gilbert Ryle, masanin falsafa na jami'ar Oxford. Misalin Ryle mai sauƙi ne. Yaro guda idonsa ya ƙifta don yana da larurar rawar ido, wani kuma ya kanne ido don ya yi wa abokinsa ishara, na uku ya kanne don ya kwaikwayi na biyun a yi dariya. In hoto aka ɗauka, duka ukun abu ɗaya suka yi. Wanda ya rubuta "fatar ido ta rufe ta buɗe" bai yi ƙarya ba, sai dai bayaninsa siriri ne. Mai kauri shi ne wanda ya iya faɗin wane ne mai larura, wane ne mai ishara, wane ne mai tsokana.

Kukan amarya haka yake. Akwai kukan rabuwa da ɗakin uwa. Akwai kukan da al'ada ke jira, wanda in babu shi sai a ce yarinya ba ta da kunya, idonta a bushe, ta ƙosa ta tafi. Akwai kuma kukan wadda aka yi wa auren da ba ta so. Hawayen iri ɗaya ne, kuma sau da yawa biyu daga cikin ukun suna haɗuwa a fuska guda. Kalmar "kuka" da ɗalibar ta rubuta ba ta bambance ko ɗaya ba.

Aikin farko na daren nan ne, kafin barci. Ta zauna ta buɗe kowane guntu ya zama cikakken labari, a jere yadda abin ya faru. Minti talatin da biyar ɗin da ke tsakanin shiga wajen baba da shiga mota zai iya cin shafi uku ko huɗu, ya kuma ci sa'a biyu na rubutu. In ta bari sai bayan kwana uku, ko ta fara ba ƙawarta labari a waya, to ta yi asara, domin labarin da aka riga aka bayar da baki yakan gyara kansa, ya zubar da abin da bai dace da shi ba. Abin da ba ya dacewar kuwa shi ne galibi ƙashin bayan nazari.

A wannan zama dole ta raba abu uku, kada su cakuɗe: abin da idonta ya gani, abin da aka faɗa da kalmomin mai faɗar, da abin da ita ta zata. Wasu sukan ja layi a gefen shafi su ware zatonsu can. "Amarya na cikin baƙin ciki" zato ne. Abin da aka gani shi ne kafaɗunta na rawa, ta riƙe gefen zanen uwarta, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Haka nan "wata ta ce a ƙara" bai isa ba. Wace ce? Ƙawa ce ko matar yaya? Da dariya ta faɗa ko cikin raɗa? Wa ta kalla? In matar yaya ce, akwai wasa tsakaninta da amarya, kuma maganar tsokana ce. In wata dattijuwa ce ta raɗa mata a kunne, umarni ne, kuma shaida ce cewa ana auna kukan.

Daga nan sai komawa wajen mutane, don littafin aljihu ba ya amsa tambaya. Victor Turner, wanda ya zauna da al'ummar Ndembu a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya a shekarun 1950, ya ce ma'anar kowace alama a cikin biki ana neman ta ta hanya uku: abin da masu al'adar suka ce take nufi, yadda suke aiki da ita a zahiri, da matsayinta in an jera ta da sauran alamomi. Shi ya gwada wannan a kan wata bishiya mai farin ruwa kamar nono da ake bikin balagar 'yan mata a gindinta. Mutanen suka ce masa alamar uwa ce da haɗin kan dangi, amma da ya dubi abin da ake yi a wajen, sai ya ga ana nuna rabuwa da jayayya, har tsakanin uwa da 'yarta. Bai zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya ba, duka biyun ya rubuta.

Ɗalibarmu za ta iya bin sahun nan. Ta tambayi gwaggon, wataƙila ta ce mata, "Ke 'yar nan, wa zai bar gidansu yana dariya?" Wannan ita ce hanya ta farko. Ta biyu tana cikin littafinta tun daren: kukan ya tashi a gaban baba, ya ɗauke a mota, ya dawo a ƙofar gidan miji inda danginsa ke tsaye. Ta uku kuwa sai ta jera kukan da lulluɓin fuska, da nauyin ƙafa wajen shiga, da shirun da sai abokan ango sun sayi baki kafin ya karye. Duka suna faɗin abu guda: wannan yarinya ba ta kawo kanta ba, kawo ta aka yi, kuma tana da gata a inda ta fito.

Yanzu sai rubutun kansa, inda aka fi yin ɓarna. Kuskure na farko shi ne a ɗauka kauri yana nufin yawa. Sai ka ga shafi biyar an lissafa launin anko, irin motoci, yawan kulolin abinci, ba a bar komai ba, kuma ba a ce komai ba. Ma'aunin da nake ganin ya fi aiki shi ne a ɗauki kowane bayani a tambaya: in na cire wannan, ma'anar za ta canza? Launin ankon ƙawaye zai iya tafiya. Shirun mota ba zai tafi ba, don shi ne ya nuna cewa kukan yana da wuri da 'yan kallo. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, a cika shafi da manyan kalmomin masana a kan danniyar mata ko sauyin matsayi, amarya da gwaggonta su ɓace. Alamarsa ita ce za ka iya ɗauke sakin layin ka manna a kan bikin wata ƙabila a wata nahiya, ya zauna daram.

Maganin duka biyun shi ne a saƙa su tare, gaɓa gaɓa. A fara da jimla ɗaya mai ɗauke da abin da ake son nunawa, a ɗan gabatar da wuri da mutanen, a kawo abin da aka gani, sannan a koma kan kalmomin da ke cikinsa a yi sharhi. Ga yadda guntayen ɗalibar za su iya zama:

"Kukan amarya magana ce da take yi wa gida biyu. Da aka fito da ita daga wajen mahaifinta, inda ya yi mata nasihar yi na yi bari na bari, sai da gwaggonta ta ɓamɓare hannunta daga zanen uwarta. A mota ta yi shiru, har ta karɓi ruwa ta sha. Da aka tsaya a ƙofar gidan miji, gwaggon ta ƙara ja mata mayafi ƙasa, kukan ya dawo. Dawowarsa a daidai inda dangin ango ke jira, da hannun gwaggo a kan mayafin, suna nuna cewa ba amarya kaɗai ke da ruwa da hawayen ba. Mutuncin gidan da ya raine ta ake nunawa. Wannan bai sa kukan farko ya zama na ƙarya ba, don riƙon zanen nan ba wanda ya umarce ta da shi."

Kowace jimlar sharhi a nan tana da abin da ta tsaya a kai, kuma mai karatu zai iya komawa sama ya duba ko ya yarda. In sharhi ya faɗi abin da ba shi da madogara a cikin bayanin, ko dai a koma littafin aljihu a nemo shaida, ko a goge shi.

Biki ɗaya kuma ba ya isa a yanke hukunci. Ko Geertz, da ya yi fitaccen rubutunsa a kan faɗan zakaru a tsibirin Bali, inda ya zauna a 1958, ya kafa hujjarsa ne a kan cacar da aka zuba a faɗa 57 da ya ƙirga. Duk da haka bai tsira ba: a 1986 Vincent Crapanzano ya soke shi da cewa yana faɗin abin da mutanen Bali ke ji a zuciya ba tare da ya nuna wanda ya gaya masa ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma ta fi shafar mai binciken gida, wanda saboda ya tashi a cikin al'adar yake ganin ya san amsar tun kafin ya tambaya. Shi ne zai rubuta "kamar yadda aka saba" ya wuce, alhali a nan ne ya kamata ya tsaya. Ɗalibar na buƙatar ta ga tarewar bazawara, ta ga bikin da aka tashi daga zauren taro aka wuce da amarya tana murmushi ana ɗaukar hoto, ta ji abin da tsofaffi suka ce a kai. In ta sami amaryar da ba ta yi kuka ba kuma ba wanda ya tanka, to dole ta rage faɗin maganarta, ta ce a wane irin gida, a wane irin aure.

Saura haƙƙin mutane. Bayani mai kauri yana tona asiri fiye da siriri, domin ko an sauya suna, 'yan unguwa za su gane gidan da gwaggo ta ja mayafi. Ya kamata a nemi izini kafin a shiga da littafi, a sauya abin da zai nuna gida in bai taɓa ma'ana ba, in kuma aka gano kukan na auren dole ne, a auna abin da zai biyo bayan yarinyar kafin a auna kyan babin.

Mai shirin irin wannan aiki, in ka gama sakin layinka, ka karanta wa gwaggon ko wata sa'arta. Ba lallai ta yarda da sharhinka ba, kuma rashin yardarta abin rubutawa ne. Amma in ta ce ba haka aka yi ba, ka koma ka sake kallo.