Sif ko akwati? Yadda kafinta zai nuna kayansa a katalog

Yawancin cinikin kayan ɗakin amarya yanzu a kan hoto ake fara shi. Uwar amarya tana Gusau ko Maraɗi, kafinta yana Kano, sai ya tura mata hotuna ta zaɓa. A nan ake samun matsala: durowar gefen gado ta cika hoto har ta yi kama da sif, sif kuwa an ɗauke shi daga nesa ya koma kamar akwati, katakon da yake ja ya fito ruwan ƙasa. Ranar da mota ta sauke kaya sai a ji, "Malam, ai ba wannan na gani ba." Sau da yawa aikin kafintan ba shi da aibu. Hoton ne bai faɗi gaskiya ba.

Mu ɗauki saiti ɗaya na madaci: gado mai katifa shida-da-shida, wanda faɗinsa da firam ya kai kamar santimita 190, sif mai tsayin santimita 210, durowar gefen gado mai tsayin 50, da teburin madubi. Abin da ake so shi ne duk wanda ya buɗe shafi ya gane girman kowanne idan aka gwada shi da ɗan'uwansa, tun kafin ya karanta rubutu.

Hanyar ita ce a kafe kyamara wuri ɗaya, kayan su riƙa zuwa gabanta. A samu bango mara ado, a manna tef a ƙasa inda gaban kowane kaya zai tsaya, a auna mita 5 daga nan, a sake manna tef inda mariƙin kyamara mai ƙafa uku zai zauna. Tsayin kyamara daga ƙasa ya zama santimita 110, kusan tsakiyar sif ke nan, kuma a tsayar da ita cak, kada ta kalli sama ko ƙasa. Da zarar an ɗaga bakinta sama, gefunan sif za su karkata su nufi juna, mai kallo ya zaci kafinta bai iya awo ba. Idan da waya ake aiki, a kunna layukan da ke raba fuskarta, a daidaita su da gefen sif.

Nisan nan na mita 5 yana da dalili. Idon waya na yau da kullum, wanda ke nuna 1x, mai faɗin gani ne, yana sa mai hoto ya matso kusa. Kusancin ke kumbura abin da ke gaba ya ƙanƙance na baya, shi ya sa ƙafar gado take fin kansa girma a hoto. A danna 2x a ja da baya. Daga nan sif zai shiga gaba ɗaya, gado ma haka, durowa kuwa za ta fito ƙarama, kuma haka ya dace ta fito.

Inda ake yawan ɓata wannan wahala shi ne wajen tsara shafi. Mai tsarawa ya ga durowa ta yi ƙanƙanta, sai ya ja hoton ya cika gurbi, awon ya tashi a banza. A yanke ma'auni ɗaya tun farko, misali kowace santimita 20 ta zama 1 a takarda. Sif zai ci santimita 10.5, faɗin gado 9.5, durowa 2.5. Duk suna shiga shafin A4 a jere bisa layi ɗaya. Idan ana son a nuna durowar da kyau, a ba ta hoto na biyu na kusa a wani gurbi dabam, inda kowa zai gane cewa matsowa aka yi. A ƙarƙashin kowane kaya a rubuta faɗi, zurfi da tsayi, kullum a jere iri ɗaya. Wannan ne zai gaya wa mai saye ko sif ɗin zai wuce ƙofar ɗakinta.

Zanen jikin katako shi ne abin da mai aikin hannu yake da shi wanda kayan allon MDF ba su da shi, kuma shi ne filashin waya ya fi saurin kashewa. Hasken da ya fito daga wajen kyamara yana dukan folish ya dawo fari fat. Zane yana fitowa ne idan haske ya zo daga gefe, yana shafar fuskar katakon a kwance, ta yadda kowace jijiya za ta yi 'yar inuwa. Taga ɗaya babba ta isa, a rataya mata farin yadi don rana ta yi laushi, a ajiye farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske cikin duhun. Jijiyoyin madaci a sarƙe suke, shi ya sa idan aka juya allon kaɗan sai ratsinsa ya yi sheƙi a wani wuri ya dusashe a wani. A yi ta juyawa a hankali har a samu kusurwar da ratsin ya tashi. A lokacin hunturu a goge kayan daf da ɗauka, don hasken gefe yana tona kowace ƙwayar ƙura.

Launi kuma yana son a kashe ƙwan ɗaki gaba ɗaya. Ƙwai mai ruwan ɗorawa da hasken taga idan suka haɗu, rabin gado zai yi ja, rabi ya yi toka-toka. A sa farar takarda a hoton farko, a gyara har ta fito fara, a yi amfani da gyaran nan ga sauran duka. Akwai kuma abin da ya kamata a rubuta a fili: katako yana sauya launi. Loko sabon yanka rawaya-rawaya ne, da ya sha iska da haske sai ya koma ruwan ƙasa, madaci ma yana ƙara duhu. Ni a ganina kowane kaya ya cancanci hoton kusa biyu, ɗaya na fuskar katako, ɗaya na mahaɗa ko cikin durowa a buɗe. Idan bayan sif filawud ne, a nuna shi a faɗa. Haka nan sunan itacen: wanda ya rubuta madobiya, to ta zama madobiya ce da gaske, itacen da tun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinsa tsakanin ƙasashe takunkumi saboda yawan sara.

Sai hoton ɗaki, wanda ke nuna saitin a haɗe. Bango ɗaya, mai launin madara ko toka mai haske, a riƙe shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Jan labule ko koren bango suna zuba launinsu a kan folish. Kayan ƙawa su zama kaɗan kuma waɗanda ido ya san girmansu: darduma, filo biyu, faifai ko tasa a kan tebur. Zanin gado ya zama mara fure, a naɗe gefensa don firam ya fito. Tayil mai santimita 60 ma'auni ne na kyauta, don mai kallo zai ƙirga ya ga gado ya ci uku da 'yan kai. Kada a cika ɗakin da abin da ba a sayarwa, domin mai saye zai ɗauka yana cikin kuɗin.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoton da aka aika kai tsaye, kuma zanen katako ne ke fara narkewa. A haɗa katalog ɗin a PDF a tura shi a matsayin fayil. Idan bugawa za a yi, a nemi maɗaba'a ta fitar da shafi ɗaya na gwaji, a kai shi bakin taga a ɗora a kan katakon kansa, domin jan madaci yakan dusashe a tawada. Sai launin ya yi daidai sannan a ba da izinin buga sauran.