Kwatancen gona da iyaka da maƙwabta: Abin da malamin gona ke nema a saƙon manomin Romi

A Unguwar Romi da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, gona da gida sun cakuɗe. Daga Sabon Tasha zuwa Gonin Gora, filayen da manoman Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilu ke nomawa a gefen Kogin Romi suna raguwa shekara bayan shekara, ana yanka su fuloti-fuloti. Gonar da ta rage a tsakanin gidaje ba ta da lambar titi, ba ta da allo. Idan mai ita yana so malamin gona ya zo ya duba tsutsar da ta kama masa masara, ko ya sa sunansa cikin masu karɓar iri da takin zamani, sai ya aika da saƙo ya yi kwatance. Yadda ya tsara kwatancen nan shi ke sa a iso gonarsa, ko a je a auna ta maƙwabcinsa.

Hanyar da manoma suka gada ita ce faɗin iyakoki huɗu: gabas wane, yamma wane, kudu kaza, arewa kaza. Da ita ake rubuta takardar cinikin gona a gaban mai unguwa, da ita ake rabon gado. Hanya ce mai ƙarfi, domin kowane maƙwabci da aka ambata ya zama shaida. Rauninta shi ne an gina ta ne don mutanen da suka riga suka san juna, alhali malamin gona ma'aikaci ne da ke kula da manoma masu ɗimbin yawa, wataƙila ma bai taɓa taka wannan gefen ba.

Saƙo biyu, gona ɗaya

A ɗauki misalin manomin da ya rubuta cewa: "Ranka ya daɗe, gonata tana bayan Romi kusa da rafi, jikin gonar Baba, wajen bishiyar mangwaro. Eka biyu ce." A wurin mai saƙon magana ta ƙare. A wurin malamin gona ba a ce komai ba. Rafin yana da tsawo, kuma gaɓarsa biyu ce. Dattawan da ake kira Baba ba su ƙirguwa, haka ma mangwaro. "Jikin gonar" bai nuna ta wane ɓangare suka haɗa iyaka ba.

Ga yadda wannan gonar za ta fito idan aka gyara saƙon, an sa "wane" a gurbin sunaye:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne wane ɗan wane, na yankin mai unguwa wane. Idan ka taso daga babbar kasuwar unguwa ka bi hanyar da ta gangara rafi, tafiyar minti goma ce a babur. Kada ka tsallaka ruwa, gonar tana hannun dama kafin kwalbati. Daga gabas na yi iyaka da gonar magadan marigayi wane, wadda wane ke nomawa bana, layin gamba ne tsakaninmu. Daga kudu rafi ne. Daga yamma hanyar ƙafa ce, bayanta fulotin da aka kewaye da bulo. Daga arewa gonar wane, akwai ɗorawa a kusurwar da muka haɗu. Gonar aro ce, ta kawuna ce. Masara na shuka. Allah Ya ƙara girma."

Saƙo na biyu ya fara ne daga wurin da baƙo zai iya samu ba tare da tambaya ba, ya faɗi gefen rafin, sannan ya zagaya iyakokin a jere kamar mai tafiya a ƙasa. A kowace iyaka ya haɗa abu biyu, mutum da alama. Idan alamar ta gushe mutumin yana nan, idan mutumin ya sayar ya tashi alamar tana nan.

Gabas ɗin wa?

Kuskure na farko da ke ɓatar da baƙo yana cikin kalmar gabas kanta. Da yawa suna nufin alƙibla idan sun ce gabas, wasu kuma mafitar rana. A Kaduna alƙibla ta karkata zuwa arewa da kusan digiri 23 daga gabas ta taswira. Ita ma rana ba wuri ɗaya take fitowa ba: a watan Yuni tana ɓullowa ta wajen alƙibla, a Disamba kuma ta koma can wajen kudu maso gabas. Gonar da ke kwance a karkace, gefen da manomi ya kira gabas da damina yana iya zama arewa a idon wanda ya riƙe taswira. Maganin abin shi ne a ɗaure ɓangare ɗaya da abin da ba ya motsi. Da zarar an ce "rafi ne kuduna", sauran ukun sun zauna.

Alamomin ma suna da daraja hawa-hawa. Dutse, kwalbati, turken wutar lantarki da tsohuwar ɗorawa ko kaɗanya suna daɗewa. Layin gamba da shingen cin-da-zugu suna da kyau, amma wuta kan cinye su da rani, garma kuma kan ɗan ci gefensu kowace shekara. Suri yana rushewa. Bakin rafi shi ma yana matsawa idan ambaliya ta zaizaye gaɓa, shi ya sa mai gonar fadama ya kamata ya ƙara da wata alama a kan tudu. Mafi rauni duka shi ne amfanin gona: "jikin gonar rogo" kwatance ne na shekara ɗaya tak.

Sai batun maƙwabci. A bakin gari irin Romi, wanda ake gani yana noma sau da yawa ba shi ne mai fili ba. Wani ya sayi fuloti bai tashi gini ba, ya bar wa wani ya shuka. Wata gonar ta magada ce ba a raba ba, wata haya, wata jingina. Saƙon da ya ambaci mai noma kaɗai zai rasa amfani baɗi idan ya bar wurin. Wanda ya ambaci mai fili kaɗai kuma, malamin gona zai iso ya yi tambaya a ce ba a san shi ba. Don haka ake faɗin duka biyun. Shi ma mai saƙon ya faɗi matsayinsa, domin wanda ke noman aro ba zai dasa mangwaro ko ya haƙa rijiya bisa shawarar malamin gona ba sai da yardar mai wuri.

Inda eka biyu ke komawa rabin hekta

Iyakoki suna nuna inda gona take, ba sa faɗin girmanta, kuma a kan girman ne ake lissafin iri da taki da bashi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi.

A koma kan gonar misalin nan. Manomin ya taka iyakokinsa ya samu taku 120 a arewa, 100 a kudu, 70 a gabas, 90 a yamma. Ana haɗa ɓangarorin da ke fuskantar juna a raba biyu, sai tsawo ya zama taku 110, faɗi taku 80. Idan ya ɗauki kowane taku a matsayin mita guda, zai samu murabba'in mita 8,800, abin da ya ɗan haura eka biyu. Amma takun tafiya na yau da kullum bai kai mita ba. Da zai shimfiɗa igiya mai mita 30 ya taka ta, ya ga ta ɗauke shi taku 40, to takunsa kashi uku ne cikin huɗu na mita. Tsawon gonar ya koma mita 82.5, faɗinta mita 60, girmanta murabba'in mita 4,950. Rabin hekta ke nan.

Bambancin yana fitowa a buhu. Idan malamin gona yana lissafi a kan buhu takwas na takin NPK 15-15-15 ga kowace hekta ta masara, rabin hekta buhu huɗu take buƙata, amma lissafin farko zai sa a rubuta bakwai. Idan taki na bashi ne, manomin ya ɗauki nauyin buhu uku da gonarsa ba za ta biya ba. Haka maganin feshi: wanda aka auna wa babbar gona, aka juye shi a ƙarama, yana iya ƙone shuka. Wannan lissafin na taku yana aiki ne ga gona mai kusurwa huɗu da ta kusa daidaita. Idan ta karkace sosai yakan ba da adadin da ya fi na gaskiya, sai a raba ta gida biyu a auna kowane daban.

Abin da waya ke ƙarawa

Tun daga shirin rabon taki ta wayar salula na 2012, zuwa shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, rajistar manomi ta koma cikin na'ura, kuma masu ba da bashi suna son ganin gona a taswira. Mai babbar waya yana iya tsayawa a tsakiyar gonarsa ya aika da wurin ta WhatsApp. Abin da zai zaɓa shi ne "Send your current location". Idan ya zaɓi "Share live location", alamar za ta riƙa bin sa har gida, daga baya ta ɗauke.

Lambobi biyu ne ke fitowa. A Romi na farko yana farawa da 10, na biyu da 7. Idan aka juya su wajen kwafa, gonar za ta faɗa kudancin Jihar Taraba. Kada kuma a datse wutsiyarsu: lambobi uku bayan ɗigo suna barin ratar kusan mita 110, abin da ya fi tsawon gonar misalin nan, huɗu kuma kusan mita 11. Ko da an kwafe su cif, waya kan yi kuskuren 'yan mitoci a sarari, fiye da haka a ƙarƙashin itatuwa. Ta isa ta kawo malamin gona bakin gona, amma ba ta isa ta ce kunya biyun nan na gefe na wane ne ba. Wannan har yanzu aikin gamba da maƙwabci ne.

Iyakar saƙon

Saƙon da aka aika wa jami'in Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna, wato KADA, ba takardar mallaka ba ce, kuma shiga rajistar taki ba ya mayar da gonar aro ta zama ta mai noma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen yankin da aka ayyana birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin gargajiya a wajen birni. A Kaduna, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 ita ke riƙe da rajistar filaye da fitar da takardar shaidar mallaka, kuma awon safiyo take dubawa. Idan akwai jayayya a wata iyaka, gara manomi ya faɗa a cikin saƙon, malamin gona ya auna inda babu gardama, sauran a kai gaban mai unguwa.

Kafin a tura saƙon, akwai gwaji mai sauƙi. A karanta wa wani ɗan unguwa da bai san gonar ba, a ce ya je ya tsaya a kusurwar da ke da ɗorawa. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne saƙon yake da giɓi.