Farantin da Ke Tara Haske ta Hanyar Toshe Shi

A huda takarda mai kauri, a yi kafa zagayayya mai faɗin milimita 2, wato milimita 1 daga tsakiya zuwa baki. A haska ta da haske mai launi ɗaya wanda ke tafe a miƙe, tsanwa mai zangon nanomita 500, sannan a tare abin da ya fito da farin allo. Idan allon na nesa da mita 2, tsakiyar hasken za ta yi ƙarfi ninki huɗu a kan yadda za ta kasance da babu takardar kwata-kwata. A matso da shi zuwa mita 1, sai ɗigon duhu ya zauna daram a tsakiya, daidai saitin kafar da ke buɗe. Wannan ɗigon shi ya fi ɗaukar hankalina a duk ilimin haske.

Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, tozo na bin kwari, kuma tazarar tozo zuwa tozo ita ce zango. Kowane gurbi a cikin kafar yana aika tasa igiyar zuwa tsakiyar allo, amma wadda ta taso daga baki ta fi ta tsakiya nisan tafiya. Injiniyan Faransa Augustin Fresnel, wanda ya miƙa aikinsa ga cibiyar kimiyya ta Paris a 1818, ya kasa kafar zobe-zobe, ta yadda hanyar kowane zobe ta ɗara ta na cikinsa da rabin zango. Rabin zango kuwa yana nufin tozon wannan ya faɗa cikin kwarin wancan, su kashe juna.

Lambar Fresnel ƙidayar waɗannan zobba ce kawai: F = a²/(λL). Harafin a shi ne rabin faɗin kafa, λ zango, L kuma nisan allo. A mita 2 lissafin ya ba da 1: zobe guda, ba mai kashe shi, shi ya sa hasken ya yi ƙarfi. A mita 1 ya ba da 2, zobe na biyu ya cinye na farko. Muddin lambar na wajen ɗaya ko sama da haka, ana yankin Fresnel, inda siffar hasken ke sauyawa duk lokacin da aka gusa allon, tsakiya ta yi haske, ta yi duhu, ta sake yin haske.

A kai allon mita 20, lambar ta faɗo 0.1. Nan an shiga yankin Fraunhofer, sunan Joseph von Fraunhofer, gwanin sarrafa gilashi na Munich. Duk kafar ba ta cika zobe ɗaya ba, don haka tsakiya ba ta ƙara yin duhu. Siffa ɗaya ce ta tabbata, faifan haske da zobba masu dusashewa kewaye da shi, kuma da'irar duhu ta farko tana milimita 6 daga tsakiya. Ƙara nisa girma kawai yake ƙara mata.

To, tunda zobba masu maƙwabtaka ne ke kashe juna, me zai hana a toshe ɗaya a bar ɗaya? Farantin zobba ke nan, wanda Lord Rayleigh ya yi a 1871, Jacques-Louis Soret kuma ya wallafa bayaninsa a 1875. Don tara haskenmu a mita 2, ana zana da'irori a milimita 1, 1.41, 1.73, 2, haka har gaba, a rufe zobe na biyu, na huɗu, na shida da baƙi. Igiyoyin da suka rage duk suna isowa tozo a kan tozo. Zobba goma buɗaɗɗu sun isa su ninka hasken tsakiya sau 400, ba tare da an goge gilashi ko ɗaya ba.

Yana da nasa aibin. Kusan kashi 10 cikin ɗari na hasken da ya faɗa a kansa ne ke isa babbar matattara. Rabi ya mutu a baƙaƙen zobba, saura ya wuce kai tsaye ko ya tafi wasu matattaru, kamar wadda ke sulusin nisan. Kuma kowane launi da tasa matattarar: jan haske mai zangon nanomita 650 yana taruwa a wajen mita 1.54 da wannan farantin, shi ya sa farin haske ke ba da hoto mai dishi-dishi da gefuna masu launi.

Duk da haka, masu aiki da hasken eksire, irin wanda ake hoton ƙashi da shi, suna riƙe da shi hannu bibbiyu, domin gilashin tabarau kusan ba ya lanƙwasa wannan hasken. Zobba kuwa ƙara sirancewa suke yi in an nufi baki, kuma sirancin na ƙarshe ne ke yanke ƙanƙantar abin da za a iya gani. A na'urorin duba ƙwayoyin halitta da eksire, faɗin wannan zoben kan sauka zuwa 'yan gomomin nanomita.