Me ya sa butarka take yawo a sama? Dabarar zana inuwa a hoton haɗi

Duk wanda ya taɓa yanko wani abu daga hoto ya ɗora shi a kan wani teburi ya san wannan takaici: yanka ya yi kyau, launi ya dace, amma abin kamar an liƙa shi da gam. Galibi inuwa ce babu, ko kuma an danna Drop Shadow an wuce. Shi Drop Shadow siffar abin yake kwafa ya ɗan gusa da ita, tamkar akwai bango a bayansa. Ya dace da rubutun fosta, amma ba ya kwantar da inuwa a ƙasa.

Bari mu gwada da butar shayi a manhajar GIMP, wadda kyauta ce. Tsayin butarmu fiksel 600 ne, za mu ɗora ta a teburin katako.

Kafin mu taɓa burushi, teburin za mu fara karantawa. A ce akwai kofi a kansa mai tsayin fiksel 200, inuwarsa ta kwanta dama tana ɗan yin baya, tsawonta fiksel 300. Kofin nan ya gama gaya mana komai: haske daga hagu yake zuwa, kuma inuwa ta kai tsayin abu ɗaya da rabi. Ke nan in butar tana kusa da kofin, tata inuwar za ta kai kimanin fiksel 900, ta bi hanya guda da ta kofin. Mu kuma duba butar kanta. Idan gefenta na dama ne ke sheƙi alhali hasken teburin daga hagu yake, babu inuwar da za ta ɓoye wannan saɓani. Sai a juya ta da Flip, muddin babu rubutu a jikinta.

Inuwa biyu za mu yi, kowace a leyarta, wato Layer, a ƙarƙashin leyar butar. Ta farko ita ce siririyar duhuwar da ke daidai inda gindin buta ya taɓa katako, inda haske ba ya iya shiga. Da ƙaramin burushi mai taushin baki sai mu bi lanƙwasar gindin, mu bar duhun ya leƙo da fiksel 4 zuwa 6 kacal. Ita ce mafi duhu a duk aikin, kuma a ganinmu ita ce ke zaunar da abu. Ko da rana ta ɓuya cikin hazon hunturu, dogayen inuwoyi sun dushe, wannan tana nan.

Ta biyu ita ce doguwar. Mu zaɓi siffar butar da Alpha to Selection, mu buɗe sabuwar leya, mu cika siffar da launi. Ba baƙi wuluk ba. Mu ɗebo launin daga inuwar kofin da Color Picker, domin inuwa a kan katako ruwan ƙasa ce mai duhu, a waje kuma takan ɗan yi shuɗi saboda hasken sararin sama. Mu mai da Mode zuwa Multiply don zanen katako ya riƙa fitowa ta cikinta, sannan mu rage Opacity, mu fara daga 60, har duhunta ya yi daidai da na kofin. Da Perspective za mu kwantar da ita zuwa dama, amma gindinta kada ya rabu da gindin butar ko da fiksel ɗaya.

A nan ne da yawa ke tsayawa, alhali da saura. Inuwar gaske bakinta a tsaye yake kusa da abu, tana nisa tana yin laushi. Don haka mu yi kwafi biyu: ɗaya mu ba shi Gaussian Blur na 5, ɗayan na 30. Da Layer Mask da Gradient sai mu bar na farko a wajen gindi, na biyu a can ƙarshe, su narke cikin juna a tsakiya.

Wani abu kuma: siffar da muka kwafa ita ce wadda kyamara ta gani, ita kuwa inuwa siffar da haske ya gani ce. Idan bakin butar yana fuskantar hasken kai tsaye, inuwarsa cikin ta jikin butar take faɗawa, ba ta fita gefe. Wannan da hannu ake gogewa.

Daga ƙarshe mu ƙanƙanta hoton ya koma girman akwatin ashana, mu kalle shi. In butar tana yawo har yanzu, mu zuƙo gindinta: sau da yawa wani farin zare ne na tsohon hoton ya rage a bakin yankan, tsakanin buta da inuwarta. Goge fiksel ɗaya ko biyu ya isa.