Ina ake ajiye kalmar sirri idan aikin kwamfuta na tsakar dare ne?

Wasu ayyukan kwamfuta ba sa jiran mutum. Akan tsara wa na'ura ta kwafi rumbun bayanai da ƙarfe biyun dare, ko ta aika wa abokan ciniki saƙon tes da asuba, sa'ad da kowa ke barci. A kan Linux, manhajar da aka fi ɗora wa wannan nauyi ita ce `cron`. Matsalar ita ce rumbun bayanai ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri, kamfanin aika saƙo kuma sai an nuna masa makullin API, wato dogon jerin haruffan da yake gane mai asusu da shi. Tunda babu mai shigar da su da hannu, dole a ajiye su inda na'urar za ta ɗauka da kanta.

Duk abin da na'ura za ta iya karantawa ita kaɗai, wanda ya ƙwace na'urar shi ma zai iya. Shi ya sa rufe kalmar sirri da wani makulli, sannan a ajiye makullin a fayil na kusa, bai wuce kulle shago a bar makulli ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage masu iya kaiwa ga sirrin, a kuma rage ɓarnar da zai yi in ya fita.

Wuri mafi muni shi ne cikin umarnin kansa. Idan aka rubuta kalmar a layin umarni, a yawancin na'urori duk mai asusu zai gan ta da `ps` muddin aikin na gudana. Idan kuma a cikin fayil ɗin shirin aka rubuta ta, wata rana za a tura shi Git, shi kuwa Git ba ya mantuwa: ko an goge layin, yana nan a tarihi. A 2016 masu kutse sun tsinci makullan AWS na kamfanin Uber a ma'ajiyarsa ta GitHub, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 57. Makullin da ya taɓa shiga Git, maganinsa a soke shi a karɓi sabo.

Misali, kantin magani da ke riƙe lissafinsa a PostgreSQL yana son kwafi kowane dare. Sai a buɗe wa aikin asusunsa na kansa a na'urar, wanda ba ya yin komai sai wannan. A cikin gidan asusun a ƙirƙiri fayil mai suna `.pgpass`, da layi ɗaya: adireshin na'ura, lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan mai shiga, sai kalmar sirri.

```
localhost:5432:kanti:kwafi:KALMAR_SIRRI
```

Daga nan a taƙaita izinin fayil ɗin, a kuma sa layi na biyu a `crontab`:

```
chmod 600 ~/.pgpass
0 2 * * * pg_dump -w -h localhost -U kwafi -f kanti.sql kanti
```

Lambar `600` na nufin mai fayil ne kaɗai ke karantawa da rubutawa. PostgreSQL ba ya wasa da wannan: in izinin ya fi haka sakaci, zai yi gargaɗi ya yi watsi da fayil ɗin. Alamar `-w` tana hana shi tsayawa tambayar kalmar sirri, don haka aikin zai faɗi nan take da saƙon kuskure. Wanda ya wayi gari ya tarar da kwafin fanko, izinin fayil zai fara dubawa. Sai kuma kalmar kanta, domin idan akwai `:` ko `\` a cikinta, wajibi ne a sa `\` a gabansu.

Shi kuma `kwafi` a cikin rumbun, karatu kawai ya kamata ya iya. Tun daga PostgreSQL 14 akwai matsayin `pg_read_all_data` da ke ba da wannan izini ba tare da ikon gogewa ko sauyawa ba. Sai dai kwafin da aka fitar shi ma sirri ne, tunda duk bayanan kantin na ciki, don haka ya cancanci irin wannan kulle.

Makullin API ma haka ake yi masa: a ajiye shi a fayil mai izinin `600`, `curl` ya karanto shi da `-K`. A kula da `set -x`, wanda masu gyara kan kunna su manta, domin yana zuba kowane umarni da abin da ke cikinsa a fayil ɗin rahoto.

Manyan ma'aikatu kan wuce nan. Manhaja irin Vault tana iya ƙirƙiro kalmar sirri mai ƙarewa bayan ɗan lokaci, `systemd` kuma yana iya rufe sirri da guntun TPM na na'urar, ta yadda ba zai buɗu a wata kwamfuta ba. Ƙaramin kanti mai na'ura ɗaya, fayil mai izinin `600` da asusu mai ƙaramin iko sun wadatar da shi, matuƙar ana sauya kalmar duk ranar da ma'aikacin da ya san ta ya bar aiki.